Fayil ɗaya, hannu biyar: yadda aka tace daftarin kundin wata ƙungiyar 'yan kasuwa

Asalin lamarin

Wata ƙungiyar gama kai ta 'yan kasuwa a wani gari na Arewacin Najeriya ta yanke shawarar sabunta kundin tsarin mulkinta, ta kuma ɗora aikin rubuta daftarin a kan sakatariyarta. Daftarin ya fito da Hausa, shafi 46, sashe 27, an buga shi a Microsoft Word 2019 a kwamfutar ofishin ƙungiyar. An tsayar da babban taron mambobi ranar wata Asabar, mai madaba'a kuma ya ce a kawo masa aikin ranar Larabar da ta gabace ta idan ana so a raba littafin a wurin taro.

Mutum biyar aka ba daftarin su duba: lauyan ƙungiya, wani malamin Hausa da aka roƙa ya daidaita ƙa'idojin rubutu, shugaba, ma'aji, da mai binciken kuɗi. Sakatariyar ta kunna `Track Changes` a shafin `Review`, wato tsarin da ke sa Word ya riƙa ajiye duk abin da aka goge ko aka ƙara tare da sunan wanda ya yi da lokacin da ya yi, sannan ta bar fayil ɗaya ya zagaya bi da bi. Ya fara zuwa wurin lauya ta imel, daga can ya wuce wurin malamin, sai ya dawo kwamfutar ofis inda shugaba ya zauna a kansa wata yamma, ma'aji kuma ya zauna bayan kwana biyu. Mai binciken kuɗi yana kan hanyar tafiya a lokacin, don haka tun ranar farko an tura masa daftarin ta WhatsApp, kafin ma a kunna `Track Changes`, ya kuma yi nasa gyaran a wayarsa ya dawo da shi daban.

Ranar Lahadi, saura kwana 13 taro, komai ya dawo hannun sakatariyar. Da ta buɗe `Reviewing Pane`, wanda ke jera gyare-gyare a gefen allo ya kuma ƙirga su, ga abin da ta tarar: ƙari 612, gogewa 588, matsar da rubutu daga wuri zuwa wuri 6, sauyin siffar rubutu 214, sai sharhi 57 a gefen shafuka. Gyare-gyare 1,420 ke nan ban da sharhi, ban kuma da abin da ke cikin kwafin mai binciken kuɗi.

Litinin: an ɓoye, ba a cire ba

Yunƙurin farko ya ɗauki minti biyu. A saman shafin `Review` akwai akwatin da ake zaɓar yadda za a ga gyare-gyare, mai ɗauke da `Simple Markup`, `All Markup`, `No Markup` da `Original`. Ta zaɓi `No Markup`, jan rubutu da layukan sokewa suka ɓace gaba ɗaya, shafin ya yi fes, sai ta adana ta tura wa lauya da cewa ga tataccen kwafi ya yi masa kallon ƙarshe.

Lauyan ya kira ta da yamma ya ce abin da ya buɗe jajur yake kamar yadda ya bar shi, har da ƙarin launuka. Dalili shi ne waɗannan zaɓuɓɓuka huɗu hanyar kallo ce kawai, ba sa taɓa abin da ke cikin fayil. Kalmar da aka soke tana nan zaune da alamar cewa wane ya soke ta, har sai an karɓi gyaran ko an ƙi shi. Bugu da ƙari, Word yana zuwa da wani saiti a kunne a cikin `Trust Center`, mai suna `Make hidden markup visible when opening or saving`, wanda aka yi musamman domin kada mutum ya aika fayil da gyare-gyare a ɓoye ba tare da mai karɓa ya gani ba.

Talata: karɓar komai a danna ɗaya

Washegari ta danna `Accept All Changes`. A wannan karon gyare-gyaren sun tafi da gaske. Ta adana a kan fayil ɗin, ta rufe kwamfuta ta tafi sallar azahar, bayan ta dawo ta zauna karanta abin da ya fito.

Ba ta wuce sashe na 9 ba ta tsaya. A daftarin asali jimlar ta ce: "Duk mamban da ya kasa biyan kuɗin wata uku a jere za a dakatar da shi." Lauya ya ƙara a ƙarshe, "bayan an ba shi sanarwa ta kwana 30", domin kada a dakatar da kowa ba tare da an ba shi damar kare kansa ba. Ɗaya daga cikin shugabanni, wanda yake ganin jan lokaci ne ke sa bashi taruwa, ya saka "cikin kwana 14" bayan "dakatar da shi", bai kuma goge na lauya ba. Malamin Hausa shi ma ya taɓa jimlar. Da aka karɓi duka, sai ta koma haka: "Duk mamban da ya ƙasa biyan kuɗin wata uku a jere za a dakatar da shi cikin kwana 14 bayan an ba shi sanarwa ta kwana 30."

Ban da "ƙasa" da ta shigo a wurin "kasa", jimlar tana karantuwa lami lafiya, kuma a nan haɗarinta yake. Lauya ya nufi kwana 30, ɗayan ya nufi kwana 14, amma abin da ke rubuce yanzu doka ce ta uku wadda babu wanda ya kawo ta, kuma mai karantawa da sauri ba zai ji wani tuntuɓe ba.

Ta kuma lura cewa sharhi bai tafi ba, domin `Accept All Changes` ba ya share sharhi, sai dai adadinsa ya sauka daga 57 zuwa 52. Kowane sharhi a Word a manne yake da wasu kalmomi, idan kuwa aka karɓi gogewar waɗannan kalmomi gaba ɗaya, sharhin yana bin su. Cikin biyar ɗin da suka ɓace har da wanda lauya ya bayyana dalilinsa na cire wani sakin layi a kan rancen mambobi.

Da yake ta riga ta adana ta rufe, `Undo` ba shi da abin da zai maido. Abin da ya cece ta shi ne fayil ɗin da ta tura wa lauya ranar Litinin, wanda yake ɗauke da dukan gyare-gyaren 1,420 da sharhi 57 saboda ɓoye su kawai aka yi. Ta sauke shi daga akwatin imel ɗinta.

Laraba: ɗaya bayan ɗaya, sannan mutum bayan mutum

Ta koma ɗaya gefen, ta fara daga shafin farko tana danna `Accept and Move to Next` ko `Reject and Move to Next`. Cikin awa uku ta wuce gyara 190, wanda ke nufin aikin zai ci fiye da awa 22 idan aka ci gaba a haka. Abin da ya fi yawan lokacin damunta shi ne yadda gyare-gyaren suke zuwa a gauraye. Sai ta karɓi baƙi mai lanƙwasa goma a jere, hannunta ya saba da dannawa, na goma sha ɗaya kuma ya zama sauyin adadin mutanen da ake bukata kafin taro ya zauna, ta karɓe shi kafin idonta ya gama karantawa. Sau biyu tana kama kanta a haka.

Da rana ta ɗauko sabon kwafi ta gwada tacewa da suna, ta `Show Markup` sannan `Specific People`. A nan abubuwa biyu suka bayyana. Na farko, sunaye uku ne kawai a jerin, ba huɗu ba: lauya mai ƙari da gogewa 196, malamin Hausa mai 870, da wani `HP` mai 134. Shugaba da ma'aji sun yi aiki a kwamfuta ɗaya, Word kuwa yana rattaba wa kowane gyara sunan da ke rubuce a `User name`, wanda ba a taɓa sauya shi ba tun da aka sayo kwamfutar.

Na biyu ya fito ne bayan ta bar sunan malamin kaɗai a bayyane ta danna `Accept All Changes Shown`, bisa tunanin cewa gyaran baƙaƙe ba shi da gardama. Gyara 870 suka tafi nan take. Ta wuce zuwa na lauya, a sashe na 21 ta ƙi wani sakin layi da ya ƙara a kan sasanta rikici, wanda ta san kwamiti ya taɓa ƙin irinsa. Sakin layin ya tafi, amma a gurbinsa aka bar wasu baƙaƙe tsirara a jere, ƙ da ɗ da ɓ, ba kalma ba ma'ana. Malamin ya karɓi fayil ne bayan lauya, ya gyara baƙaƙe a cikin rubutun da lauya ya ƙara, kowane ƙ da ya saka kuma ƙari ne nasa na kansa a tsakiyar ƙarin lauya. Da aka karɓi na malamin tun farko, baƙaƙen sun zama tabbataccen rubutu, don haka ƙin na lauya bai shafe su ba. Ta rufe ba tare da ta adana ba.

Alhamis: tsayar da tushe da shigo da na biyar

Ranar Alhamis ta nemi wani dattijo mai buga takardun shari'a a wata cibiyar buga takardu da ke kusa, ya zo ya duba tare da ita. Abin da ya fara cewa shi ne, "Malama, kada ki sake taɓa wannan fayil sai kin ajiye uwarsa a gefe." Suka buɗe jaka ɗaya suka saka abu uku da aka yi alkawarin ba za a adana komai a kansu ba: daftarin asali, fayil mai gyaran mutum huɗu, da kwafin mai binciken kuɗi. Aiki kuma aka koma yin sa a kwafi na huɗu, ana adana shi da sabuwar lamba a ƙarshen kowane mataki.

Suka buga jerin dukan gyare-gyare da sharhi ta `File`, `Print`, sannan `List of Markup` a ƙarƙashin `Settings`, suka mayar da shi PDF. Daga nan ko da sharhi ya ɓace, akwai inda za a duba.

Sai kwafin mai binciken kuɗi, wanda babu alamar gyara ko ɗaya a cikinsa. Suka yi amfani da `Compare`, suka saka daftarin asali a `Original document`, kwafinsa a `Revised document`, suka rubuta muƙaminsa a `Label changes with`, suka cire alama daga `Formatting` a cikin `More` domin manhajar wayar ta jirkita siffar rubutun ko'ina. Kwatanta shi da daftarin asali ne daidai, saboda daga shi kwafin nasa ya tashi. Da an kwatanta shi da fayil mai gyaran mutum huɗu, Word zai ɗauki gyare-gyaren da ke ciki kamar an riga an karɓe su, sai ya nuna kamar mai binciken ya warware aikin kowa.

Bambanci 23 suka fito, 14 daga ciki tazara ce da waƙafi, 9 ne gyara na gaske, dukansu a sassan kuɗi. Akwai `Combine`, wanda aka yi don haɗa gyaran fayil biyu wuri ɗaya, amma yana riƙe sauyin siffar rubutu na ɗaya daga cikinsu ne kawai, kuma zai ƙara cunkoso a sakin layukan da hannu uku suka riga suka taɓa. Tunda tara ne kacal, sakatariyar ta sauya `User name` zuwa muƙamin mai binciken ta `File`, `Options`, `General`, ta buga su da hannu `Track Changes` yana kunne, sannan ta mayar da sunan zuwa nata.

Aikin ƙarshe na ranar shi ne siffar rubutu. A `Show Markup` ta cire alama daga `Insertions and Deletions` ta bar `Formatting`. Guda 181 na `HP` ne, kusan duka ƙara girman baƙaƙe da kaurara kalmomi, ta bar sunan `HP` kaɗai a bayyane ta ƙi su a dunƙule da `Reject All Changes Shown`. Sauran 33 na lauya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, domin a cikinsu akwai mayar da wasu sakin layuka ƙananan sassa masu lamba, wanda a takardar doka yana sauya abin da ke ƙarƙashin me.

Juma'a: sharhi kafin gogewa

Saboda abin da ya faru ranar Talata, ta bi sharhi tukuna kafin ta karɓi ko da gogewa ɗaya. Guda 21 yabo ne ko nuna amincewa, ta rufe su. Guda 19 tambayoyi ne da ta san amsarsu daga bayanan tarukan baya, ta amsa a ƙarƙashin kowanne. Guda 11 umarni ne na gyara wanda mai sharhin bai yi da hannunsa ba, irin su "a ƙara adireshin ofis a nan", ta aiwatar da su da sunanta. Guda 6 suka rage waɗanda ba hurumin sakatariya ba ne. Duk wanda ta gama da shi `Resolve` take dannawa, wanda ke dusashe sharhin ya bar shi a wurinsa, ba `Delete` ba, domin idan mai shi ya tambaya a nuna masa abin da aka yi.

A cikin wannan bin ne ta ci karo da abin da ya fi komai tayar mata da hankali. A sashe na 6 akwai sharhin `HP` da ke cewa an mayar da kuɗin rajista naira 10,000 kamar yadda aka tattauna. Rubutun da ke gefen sharhin kuwa yana nuna an soke 5,000 an saka 7,500, babu 10,000 ko'ina, ko a soke. Bayanin yana cikin yadda Word ke ɗaukar suna. Idan wani ya goge abin da wani daban ya ƙara, ƙarin yana zama a wurin da layin sokewa a kansa, kowa ya ga tarihin. Idan kuwa mai ƙarin ne da kansa ya goge, Word yana ɗauka ya sake shawara ne, sai ya share shi ba alama. Shugaba ya saka 10,000, ma'aji ya zo bayan kwana biyu ya goge ya saka 7,500 da imanin cewa kowa zai ga abin da ya yi, amma a wurin Word mutum ɗaya ne mai suna `HP`.

Lokacin da ke jikin kowane gyara ya ba ta damar rarrabe na shugaba da na ma'aji, tunda ranakunsu daban, sai dai Word ba ya tacewa da kwanan wata, dole ta bi 134 ɗin da ido tana alama a jerin da aka buga. Abin da aka riga aka share kuma babu kwafin da ya riƙe shi, domin ba a adana fayil daban tsakanin zaman mutanen biyu ba. Ta kira shugaba ta yi masa bayani, ya duba kwafin takarda da ya yi wa alama da biro kafin ya zauna a kwamfuta, aka gano wuri uku da gyaransa ya ɓace ta wannan hanya.

Daga nan ta ɓoye sunan malamin, wanda ya sa shafukan suka karantu domin gyaran wanda aka ɓoye yana bayyana kamar tabbataccen rubutu, ta bi na lauya da `HP` da mai bincike sashe bayan sashe. Inda mutum ɗaya ne ya taɓa kuma ma'ana ba ta sauya ba, ta karɓa. Inda biyu suka taɓa jimla ɗaya, ko aka sauya adadi, wa'adi ko iko, ta bar shi ta rubuta a takarda. Wurare 8 suka fito, ta haɗa da sharhi 6 ɗin, batutuwa 14 ke nan.

Asabar: zaman kwamiti

Ba a buɗe kwamfuta a zaman ba. Sakatariyar ta raba takarda mai shafi biyu, kowane batu da lambar sashensa, abin da daftarin asali ya ce, abin da kowa ya kawo, da fili na rubuta hukunci. An gama cikin awa biyu. A sashe na 9 aka tsaya a kan sanarwar kwana 30 aka cire kwana 14. A sashe na 6 aka yi doguwar muhawara aka tsaya a kan 7,500. Sakin layin lauya na sashe na 21 aka ƙi shi. Shugaba da lauya suka sa hannu a takardar.

Litinin da Talata na mako na biyu: aiwatarwa da tsaftacewa

Ta aiwatar da hukunci 14 ɗin da dukan sunaye a bayyane. A sashe na 21 ta zaɓi sakin layin gaba ɗayansa da linzami sannan ta danna `Reject`, wanda ya ƙi duk gyaran da ke cikin abin da aka zaɓa, na lauya da na malamin tare, babu baƙin da ya saura.

Sai yanzu ta zo kan gyaran malamin. Kafin ta karɓa ta tambaye shi yadda ya yi aikin, ya ce wasu kalmomi ya gyara su da `Replace All`. Wannan ne asalin "ya ƙasa biyan" na sashe na 9, kuma irinsa ne ya mayar da "kafa kwamiti" zuwa "ƙafa kwamiti". Ta karɓi nasa a dunƙule, sannan ta nemo kalmomin da ke da 'yan'uwa marasa lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya da `Find`: ƙasa da kasa, ƙafa da kafa, ƙara da kara, ɓata da bata. Ta yi neman ne bayan karɓa domin kafin nan tsohon baƙi da sabo suna zaune tare a tsakiyar kalma, kuma `Find` yana iya tsallake irin wannan. Ta gyara wuri 12.

Lauya ya ɗauke sashen ladabtarwa daga na 18 ya mayar da shi na 12. Lambobin sassa Word ne ke ba da su, don haka tsofaffin sassa na 12 zuwa 17 suka koma 13 zuwa 18 da kansu, amma nuni irin "kamar yadda sashe na 15 ya tanada" da hannu aka buga shi, bai motsa ba. Ta nemo "sashe na" a cikin rubutu, ta duba wuri 17, ta tarar 7 suna nuna sashen da ba shi ba.

Ta kashe `Track Changes` kafin ta sabunta jerin abubuwan da ke ciki da `Ctrl+A` sannan `F9`, domin idan yana kunne sabuntawar kanta za ta zama sabbin gyare-gyare. Ta kunna alamomin sakin layi da `Ctrl+Shift+8` ta raba sakin layuka biyu da suka haɗe, ta maye tazara biyu da ɗaya. Ta adana kwafi mai ɗauke da sharhin duka don ajiyar ofis, a wani kwafin kuma ta danna `Delete All Comments in Document`. Ta mayar da `Specific People` zuwa `All Reviewers`, ta tabbatar kowane nau'i yana da alama a `Show Markup`, sannan ta duba `Reviewing Pane`, wanda ya nuna saura gyara ɗaya. A rubutun da ke maimaituwa a saman kowane shafi yake, inda aka sauya sunan daftarin, wurin da ba ta taɓa dubawa ba. Ta karɓe shi, ƙidayar ta koma sifili.

Daga ƙarshe ta bi `File`, `Info`, `Check for Issues`, `Inspect Document`, layin da ya fara da `Comments, Revisions` bai sami komai ba. Dattijon ya gargaɗe ta cewa kada ta taɓa danna `Remove All` a layin bayanan mai takarda a kan fayil ɗin aiki, domin cire su yana mayar da sunan kowane mai gyara `Author`. Ta sake yin `Compare` tsakanin daftarin asali da na ƙarshe, ta karanta sakamakon tare da takardar hukuncin kwamiti a hannu, ta tura wa lauya shi ma ya karanta. Ranar Laraba da safe PDF ya isa madaba'a.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina yunƙuri uku na farko sun faɗi ne saboda dukansu sun ɗauki gyare-gyaren 1,420 a matsayin abu iri ɗaya, alhali 870 baƙaƙe ne, 214 siffa ce, kuma batutuwa 14 kaɗai ke bukatar hukuncin da ba na sakatariya ba. Abin da ya yi aiki shi ne jerin da aka bi, kuma kowane mataki nasa yana da dalili daga yadda Word ke ajiye gyara. Sharhi ya riga gogewa domin gogewa tana tafiya da shi. Gyaran ma'ana ya riga gyaran baƙaƙe domin na biyun yana zaune a cikin na farkon. Lambobin sassa sun zo a ƙarshe domin ba sa tsayawa sai an gama matsar da rubutu.

Kuskuren da ya fi tsada an yi shi ne tun kafin fayil ya dawo, ranar da mutum biyu suka zauna a kwamfuta ɗaya da suna ɗaya. Shi kaɗai ne ba a iya warwarewa gaba ɗaya ba. An gano wuri uku ne saboda shugaba yana da takardar da ya yi wa alama da biro, duk abin da ya ƙara kai tsaye a kwamfuta ma'aji ya goge kuwa ya tafi. Ina kuma ganin da an ba malamin Hausa fayil ɗin a ƙarshe, bayan kwamiti ya gama da ma'ana, da fiye da rabin cunkoson bai taso ba.

Mambobi sun amince da kundin ranar Asabar da gyara ɗaya da aka kawo daga zauren taro, a kan ranar biyan kuɗin wata. Sakatariyar ta shigar da shi ranar Litinin, bayan ta sauya `User name` na kwamfutar ofis zuwa muƙaminta, ta kuma manna takarda a gefen allon da ke nuna wa duk wanda zai zauna inda zai rubuta nasa sunan kafin ya fara.